Yadda Ake Bin Sawun Yoyon Rufi Daga Tabon Silin, Da Yadda Ake Toshe Shi Kafin Rani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Unguwar Rogo, Jos, a gidan kwano mai silin kwali, rufin ya kai shekara 15. Tun farkon daminar bana wani tabo ruwan ƙasa ya fito a silin ɗakin kwana, kusa da bangon waje, kuma kullum ƙara faɗi yake yi. Na kira kafinta ya hau ya shafa kwalta daidai saman wurin, amma da aka yi ruwa mai iska sai abin ya dawo, har ya fara ɗiga. Yaya zan gano ainihin inda ruwan yake shiga, kuma me zan yi da zai riƙe ni zuwa rani, lokacin da zan iya yin gyara na sosai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kwaltar ba ta yi aiki ba domin, bisa dukkan alamu, an shafa ta a wurin da lafiyarsa ƙalau. A rufi mai gangara, da wuya ruwa ya sauka a kan silin daidai ƙarƙashin inda ya shiga. Idan ya ratsa ta hudar ƙusa ko ta haɗin kwano biyu, yakan manne a cikin kwanon ya gangara ƙasa, har sai ya ci karo da abin da zai tare shi, galibi katakon kwance da aka buga kwanon a kai, wanda kafintoci ke yi da tubaitu ko tubaitiri. Daga nan yana iya bin wannan katako zuwa gefe, ko ya kama babban katakon da ya gangaro daga tsakiyar rufi ya ci gaba da sauka, sannan ya ɗiga. Ko bayan ya faɗo a bayan silin tafiyarsa ba ta ƙare ba, domin zai malala zuwa inda silin ya fi lotsawa ko inda falle biyu suka haɗu. Saboda haka hudar tana sama da tabon, ta wajen doron rufi, kuma tana iya kasancewa mita 2 ko 3 daga gare shi. Tabon da yake kusa da bangon waje galibi yana ƙarƙashin mafi ƙasan rufin ne, don haka duk abin da ke samansa, tun daga bakin rufi har doro, abin zargi ne.

Kafin a hau ko'ina, tabon kansa yana da bayanin da zai bayar. Ka ɗauki fensir ka zagaye bakinsa da layi, ka rubuta kwanan wata a gefe, domin ido kaɗai ba ya riƙe girman tabo daga wannan ruwa zuwa wancan. Idan ka ga zobe-zobe a cikinsa, wani a cikin wani, kowane zobe jiƙewa ce guda da ta bushe, wato yoyon ya daɗe yana zuwa yana komawa. Idan launin ya yi ja-ja, ruwan ya bi ta kan ƙusa ko kwano mai tsatsa kafin ya iso. Idan kuwa ya fara baƙi da ɗige-ɗige, funfuna ce, alamar wurin ba ya samun bushewa. Sannan ka lura da lokacin da ɗigar ke farawa. Wadda ke farawa 'yan mintoci bayan saukar ruwa, ko da yayyafi ne, tana nuna buɗaɗɗiyar huda. Wadda ba ta zuwa sai an yi ruwa mai ƙarfi na dogon lokaci tana nuna wurin da ruwa ke taruwa ya tumbatsa, kamar kwarin da rufi biyu suka haɗu idan ganye da ƙasa sun toshe shi. Wadda ba ta zuwa sai da iska, irin taka, tana nuna wurin da ruwan da ke sauka kai-tsaye ba ya iya shiga, sai an tura shi ta gefe ko an tura shi sama. A ƙasar nan hadarin farkon damina yawanci daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, don haka ka duba ko gefen rufin da ke yoyon shi ne mai fuskantar gabas.

Akwai abu biyu da suke kama da yoyon rufi alhali ba shi ba ne, kuma ya kamata a kawar da su tun farko. Na farko bututun ruwa da ya ratsa ta cikin silin daga tankin sama, wanda tabonsa ba ruwansa da damina, ko an yi ruwa ko ba a yi ba yana nan da danshi. Na biyu gumin kwano, kuma Jos ta fi yawancin garuruwan Arewa fama da shi, saboda tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200 kuma darenta da sanyi. Iska mai danshi daga cikin gida tana haɗuwa da kwano mai sanyi, ta zama raɓa a cikinsa, ta ɗiga da asuba. Alamarsa ƙananan tabo masu yawa a warwatse, sau da yawa a jere ƙarƙashin katakon kwance, kuma suna bayyana ko daren da ba a yi ruwa ba. Tabo guda mai girma da ke amsa ruwan sama ba gumi ba ne.

Tunda har ya fara ɗiga, akwai abin da za a yi a cikin ɗakin yau ɗin nan. Wayoyin wutar gida a bayan silin suke bi, kuma haɗe-haɗensu da yawa tef kawai aka naɗe su da shi. Idan tabon yana kusa da ƙwan lantarki ko fanka, ka kashe layin ɗakin, kada ka sake kunna shi sai wurin ya bushe an duba. Idan silin ya yi ciki, ya lotso ƙasa, to ruwa ne kwance a kansa, kuma kowace lita kilo 1 ce. Ka ajiye bokiti, ka huda tsakiyar cikin da ƙusa, ruwan ya sauko ta wuri guda. Mutane suna jin nauyin huda silin da hannunsu, amma ƙaramar huda da za a toshe daga baya ta fi falle guda ya rufto a kan gado cikin dare. Wannan ya shafi silin kwali da na filasta. Idan tsohon silin asbesto ne, irin na gidajen da, ba a huda shi, ba a fasa shi, ba a goge shi da samfefa, domin ƙurarsa tana cutar da huhu.

Ainihin binciken daga cikin silin ake yin sa, ta 'yar ƙofar da ake bari a baranda ko kicin. Kafinta da yawa ba sa son shiga saboda zafi da ƙura da kashin ɓera, shi ya sa suke hawa sama su yi hasashe, kuma a ganina duk wanda ya ce zai gyara yoyo bai leƙa ta ciki ba, sa'a kawai yake nema. Kafin shiga a kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni, a kashe inbata, a tabbatar ba wanda zai tayar da janareta. A shiga da safe kafin kwano ya ɗau zafi, da tocila mai ƙarfi, da alli, da awo, da ƙyalle a hanci, sannan a bar mutum a ƙasa yana jin motsinka. Ba a taka silin, kuma ƙananan katakan da aka buga silin a jikinsu ba don ɗaukar mutum aka yi su ba. Ana taka manyan katakan da suka ratsa daga bango zuwa bango, ko a shimfiɗa falanki a kansu a rarrafa.

Da ka isa bayan tabon, wanda za ka gane shi da duhun launi da laushi, sai ka ɗaga tocila ka nemi wurin da ɗigon ke faɗowa daga gare shi, sannan ka bi sawun ruwan zuwa sama taki-taki. Shekara 15 ta isa ta lulluɓe kowane katako da ƙura, kuma ruwa yana wanke wa kansa hanya a cikinta, sai ka ga siririn layi mai tsabta ko mai duhu a jikin katako. A cikin kwanon kuma za ka ga zirin fari kamar gishiri ko zirin tsatsa da ya bi kwarin kwano. Ka haska tocilar a kwance, kusan a layi ɗaya da katakon, domin haka sawun ya fi fitowa fiye da idan ka haska shi kai-tsaye. Ka taɓa da bayan hannu, wurin da ke da danshi ya fi sanyi. Ka ci gaba da hawa har sai ka kai inda sawun ya yanke, inda katakon da ke sama da shi yake a bushe da ƙurarsa cikakkiya. Mashigar ruwan tana daidai wannan iyaka ko ɗan sama da ita.

Bayan haka ka kashe tocilar, ka jira minti 2 ko 3 idonka ya saba da duhu, ka duba inda hasken rana ke tsirgowa. Wannan dabara tana kama hudar ƙusa da aka buga aka kuskure katako, da hudar tsatsa, da tsagar da ƙanƙara ko jifa ya yi. Sai dai tana da iyaka ta fuska biyu. Ba kowane haske ne yoyo ba, domin hasken da ke shigowa ta bakin rufi, inda tudun kwano ya bar rata a kan bango, yana nan a kowane gida. Kuma ba kowane yoyo ne ke nuna haske ba, domin inda kwano ya hau kan kwano ruwa na iya lallaɓowa ta tsakaninsu alhali haske ba ya lanƙwasa ya biyo shi. Yoyon da ke zuwa da iska yawanci daga wannan rukuni na biyu yake, saboda haka idan ba ka ga haske ba kada ka ce ba a sami komai ba. Idan hali ya yi, ka sake shiga lokacin da ake ruwa, muddin ba a tsawa da walƙiya, ka ga ɗigon da idonka.

Abin da ya fi ɓata wa mutane aiki shi ne, su gano wurin ta ciki, su hau sama su rasa shi, domin daga sama duk kwano kama ɗaya yake. Idan huda ce a buɗe, ka zura tsinken tsintsiya ko siririyar waya ta cikinta ya leƙa waje, da ka hau za ka gan shi tsaye. Idan ba huda ba ce, sai ƙirga. Ka ƙirga layin katakon kwance daga bakin rufi zuwa wurin, domin kowane layin katako a ciki layin ƙusa ne a waje. Sannan ka ƙirga tudun kwano daga bangon gefe zuwa wurin. Wanda ya riƙe cewa layin ƙusa na 4 ne, tudu na 23 daga bangon kudu, ba zai ɓata ba. Ka kuma yi alama da alli a jikin katakon don dawowa dubawa.

Wurare huɗu ne suka fi haifar da yoyo mai zuwa da iska. Haɗin tsawo, inda ƙarshen kwanon sama ya hau kan kwanon ƙasa, yana buƙatar hawan da bai gaza santimita 15 ba, wato inci 6, kuma idan rufin ba shi da gangara sosai ana ƙara shi zuwa 20 ko fiye. Mai son bandir ya yi auki yakan rage wannan hawa, rufin ya yi shekaru lafiya, sai ranar da ƙusa ta saki, iska ta ɗaga leɓen kwanon ta tura ruwa sama ya tsallake. Haɗin gefe kuma ya kamata ya zama tudu 1 da rabi, idan aka yi tudu guda kawai feshi yana haurewa. Sai kwanon da ya rufe doron rufi, wanda idan fikafikansa gajeru ne iska na cusa ruwa ta ƙarƙashinsa. Sai inda kwano ya haɗu da bango ko rawanin gini, wurin da aka saba cikewa da siminti, shi kuwa siminti ba ya motsi tare da kwano, dole ya tsage. A bayan dukansu akwai motsin ƙarfe. Kwano yana miƙewa da zafin rana ya tsuke da sanyin dare, kuma dogon kwanon alminiyum mai mita 6 yana iya motsa kusan milimita 5 idan bambancin zafin jikinsa tsakanin tsakar rana da asuba ya kai digiri 40. Wannan kai-komo na kullum ne ke faɗaɗa hudar ƙusa, ya kuma zaro ƙusar a hankali daga katako.

Idan sawu bai fito sarai ba, sai a yi gwajin ruwa a ranar da rufi yake a bushe. Mutum ɗaya yana ciki da tocila, ɗaya yana sama da mesa, ko da buta da bokiti idan famfo ba ya kawowa. Ƙa'idar ita ce a fara daga ƙasa a hau sama. A jiƙa layin ƙusa na farko da ke saman tabon na minti 5 zuwa 10, a jira, idan ba a ga komai ba a matsa layi na gaba. Wanda ya fara daga doro ya jiƙa komai lokaci guda, zai ga ɗigo amma ba zai san daga ina ya shigo ba. Zagayen farko a bar ruwan ya gangara da kansa. Idan an gama ba a ga yoyo ba, a zagaye na biyu sai a watsa shi da ƙarfi ta gefe, a kuma fesa shi cikin leɓen haɗe-haɗen, don a kwaikwayi iska.

Wani gida da na duba a Rikkos ya yi kama da naka ƙwarai. Tabon yana kusan santimita 60 daga bangon gabas, kuma an riga an shafe ƙusoshin da ke samansa da kwalta. A cikin silin, ɗigon yana faɗowa daga wata ƙusa da ta ɓullo a ƙasan babban katakon gangare. Sawun ya bi jikin katakon ya hau kusan mita 2, ya wuce layin katakon kwance biyu da suke a bushe, a na uku ya karkata hagu ya bi shi kamar kamu 4, sannan ya yanke daidai inda jerin kwano na farko ya haɗu da na biyu. Babu haske ko kaɗan a wurin. Da aka hau, sai ga ƙusa biyu a wannan haɗi sun ɗago kusan kaurin yatsa, idan ka danna kwanon da tafin hannu sai ya sauka ya komo, kuma hawan da aka yi masa bai fi santimita 8 ba. An zuba ruwa daga sama ya gangara ta kan wurin, na ciki bai ga komai ba. Aka watsa buta guda cikin leɓen haɗin, kafin minti 1 ya yi kira cewa ruwa ya kama katako. Nisan mashigar daga inda aka shafa kwaltar farko ya haura mita 2, kuma gyaran wucin gadin bai ci fiye da sukuru 4 da ɗan guntun tef ba.

Game da hawa, ba a hawa jiƙaƙƙen kwano, ba a hawa idan hadari ya haɗo ko iska na kaɗawa, kuma da safe a jira raɓa ta bushe. Tsani ya zarce bakin rufi da kusan mita 1, a ja gindinsa baya mita 1 ga kowane mita 4 na tsayi, wani ya riƙe shi. A duba wayar wuta da ta shigo gidan daga turke, domin a unguwanninmu sau da yawa tana wucewa dab da kwano. A sama ana taka layin ƙusa kawai, inda katako ke ƙasa, da takalmi mai taushin roba, ko a shimfiɗa falanki. Taka tsakanin layi biyu yana lotsa kwano, ya buɗe haɗin da ke kusa, a gyara yoyo ɗaya a haifar da uku. Idan gidan bene ne, ko rufin yana da tsananin gangara, ko tsohon rufin asbesto ne da ke fashewa ƙarƙashin ƙafa ba gargaɗi, to ka tsaya ga binciken ciki, ka ba mai sana'a ƙirgar da ka yi, shi ya hau.

Duk abin da za a manna, nasararsa tana ga shirin wurin. A goge tsatsa da tsohuwar kwalta mai ɓarewa da buroshin waya, a share da busasshen ƙyalle har sai ƙyallen ya daina ɗaukar datti, a tabbatar wurin ya bushe sarai. Babu tef ko gam da zai kama a kan ƙura ko danshi, ko nawa aka saye shi.

Idan ƙusa ce ta saki, kada a sake doka ta cikin tsohon raminta, domin ramin ya riga ya faɗaɗa kuma za ta sake fitowa. A zare ta, a sa ɗan katako ƙarƙashin guduma don kada kwano ya lotsa, a maye gurbinta da sukurun rufi mai roba a wuya, wanda ya fi ta kauri da tsawo. A ɗaure shi har robar ta zauna ta ɗan baje, amma ba har ta tsage ko kwanon ya lotsa ba. A irin kwanonka mai ƙananan tudu, a kan tudu ake ɗaurewa, ba a cikin kwari inda ruwa ke gudu ba. Idan sukurun yana juyawa bai kama komai ba, katakon wurin ya ruɓe, sai a matsa tudu na gaba a ɗaure, a rufe tsohuwar hudar da tef.

Tef ɗin da nake nufi shi ne mai kwalta a ciki da fatar alminiyum a waje, wanda masu kayan gini ke kira filashban, kuma ana samunsa da faɗi daban-daban. A yanka shi ya zarce hudar da aƙalla santimita 5 ta kowane gefe, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada su ɗago, a manna shi lokacin da kwanon ya ɗan ɗumama da rana, domin a sanyin Jos kwaltarsa tana taurare ba ta kamawa sosai. A danne shi da ƙotar sukundireba daga tsakiya zuwa gefe, a bi da shi cikin kowane kwari, kada a ja shi ya yi gada daga tudu zuwa tudu ya bar rami a ƙasa. Idan ana buƙatar fiye da yanki guda, a fara da na ƙasa, na sama ya hau kansa. Ga tsaga, a fara huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba da tafiya, sannan a rufe. Idan hudar ta kai faɗin tafin hannu, tef shi kaɗai ba zai ɗauka ba, sai a yanko guntun kwano mai irin tudun, a zura kansa ƙarƙashin kwanon da ke sama idan haɗi yana kusa, a ɗaure da sukuru, a rufe gefuna da tef. Wanda zai yi amfani da silikon ya guji mai warin tsami mai hawa hanci, domin yana cin kwanon ƙarfe, ya nemi marar tsami wanda aka yi don rufi.

Haɗin tsawo yana da tarko, kuma nan ne na fi zaton matsalarka take. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne a lulluɓe leɓen haɗin gaba ɗaya da kwalta ko tef. Amma wannan leɓe ƙofar fita ce ga duk ruwan da ya shiga tsakanin kwanon biyu daga ƙusa ko haɗin gefe da ke sama. Idan aka toshe shi, ruwan zai taru a ciki ya koma baya ya zuba cikin gida, ga tsatsa da za ta ci wurin da sauri. Gyaran da ya dace shi ne a matse kwanon biyu da sukuru a kan tudu har su daina motsi. Idan hawan gajere ne, a sassauta ƙusoshin layin, a zura guntun kwano mai tsawon santimita 30 zuwa 40 tsakanin na sama da na ƙasa, kansa ya shige can sama, ya ƙara tsawon hawan, sannan a ɗaure su tare. A haɗin kwano da bango kuwa, a kankare simintin da ya saki, a manna tef mai faɗi, rabinsa a bango rabinsa a kan kwano, bayan an shafa wa bangon siririn ruwan kwalta ya bushe, domin tef ba ya kama filasta mai gari.

Idan marka ta zauna, kamar yadda takan yi a watan Yuli da Agusta, rufin bai samu ya bushe ba, to a tari ruwan ta ciki kafin a sami rana. A ɗaura igiya ko tsumma a wurin da yake ɗiga a jikin katako, a sako ƙarshenta cikin roba mai faɗi da aka ɗora a kan falanki bisa manyan katakai, ba a kan silin ba, a riƙa zubarwa bayan kowane ruwa. Shafa gam ta ciki a kan jiƙaƙƙen kwano ba ya tsayar da yoyo, sauya masa hanya kawai yake yi. Tamfol yana da amfani idan iska ta yaye wani sashe, da sharaɗin kansa ya haura doron rufi ya sauka ɗaya gefen, domin idan ya tsaya a tsakiyar gangara ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa. A naɗe gefunansa a jikin katako a ɗaure da igiya zuwa ƙasa. Bulo da duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake ɗora wa rufi suna tare ruwa da datti, kuma iska mai ƙarfi tana iya jefo su kan mutane.

Bayan gyaran, a maimaita gwajin ruwa a wurin nan take, har da feshin gefe. Kada a yi wa silin fenti tukuna. A bar 'yar ƙofar silin a buɗe da rana don iska ta busar da katako, a jira a yi ruwa mai iska sau 2 ko 3, a duba ko tabon ya tsallake layin fensir. Ɗan danshi a kwanakin farko ba ya nufin gyaran ya gaza, domin katako da kwali da suka sha ruwa suna ɗaukar kwanaki kafin su bushe, amma sabon zobe a wajen layin yana nufin akwai mashiga ta biyu, sai a koma ciki a bi sawu daga alamar alli zuwa sama.

Tef da aka manna a wuri mai tsabta yana iya kai ka ƙarshen damina a watan Oktoba cikin sauƙi, amma akwai abubuwan da idan ka gan su a cikin silin, ba za su jira rani ba. Ka soka sukundireba a katakon da ruwan ya bi. Idan ya nutse cikin sauƙi, ko ka ga hanyar gara a jikinsa, katakon ba ya riƙe ƙusa kuma iska ɗaya tana iya ɗauke kwanon, saboda haka a ɗaura masa sabon katako a gefe yanzu, ya zarce ruɓaɓɓen wurin ta kowane ɓangare ya kama lafiyayye. Haka nan idan da ka kashe tocila ka ga ƙananan haske barkatai a falle guda, tsatsa ta gama cin sa, kuma sayen falle ɗaya ko biyu a canza su a ranar da gari ya washe ya fi arha bisa bin kowace huda da tef. Lokacin sayen, ka ɗauki guntun tsohon kwanon ka tafi da shi kasuwa, domin tudun kwano ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wanda tudunsa bai zauna daidai a kan na kusa da shi ba zai bar rata a haɗin gefe tun ranar da aka buga shi.